Fitsarin Tautau Ko Sharri Ake Wa Gizo-gizo? Abin Da Hoto Ke Nunawa Da Inda Ya Tsaya

A ƙarshen daminar da ta wuce, lokacin da hatsi ke bununi, wani mai saurarenmu daga Ibohaman, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, ya aiko mani da hotuna biyu ta wayar salula. Na farko hoton hannun ɗansa ne, yaro ɗan kimanin shekara 7, wanda ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa a jere daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Na biyu kuwa hoton wani gizo-gizo ne da aka buge da takalmi a jikin bangon ɗakin da yaron ke kwana. Mutanen gidan sun riga sun yanke hukunci cewa tautau ne ya yi wa yaron fitsari, ga shi kuma an kama mai laifi. Abin da bawan Allahn nan ke so kawai shi ne in faɗa masa ko wannan gizo-gizo yana da dafin da zai halaka yaro.

Ni dai ba likita ba ne, aikina gabatar da shiri a gidan rediyo, to amma tambayar ta sa na zauna na karanta abin da masana suka rubuta, na kuma tuntuɓi ma'aikatan lafiya. Abin da na samo shi ne nake son in baje wa mai karatu a yau, domin kuwa daga Madawa zuwa Buza har Keita, da wuya a sami gidan da ba a taɓa ɗora wa tautau laifin wani ƙurji ba.

Mu fara da 'yan gida

A shekarar 2022 kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda ake kula da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya cika nau'i 50,000. Kusan dukkansu suna da dafi, tun da da shi suke kama abincinsu, sai dai dafin na ƙwari ne, kuma waɗanda ke iya kwantar da ɗan Adam ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka matakin farko ga mai duba hoto shi ne ya san waɗanda ya saba kwana da su a ɗaki ɗaya.

Na ɗaya shi ne mai dogayen ƙafafu sirara kamar zare, wanda ke rataye a kusurwar rufin ɗaki ko cikin rumbu. Masana na kiran danginsa Pholcidae. Idan ka taɓa yanarsa sai ka ga ya kama karkarwa yana lilo da sauri har ya kusa ɓace wa ido. Macen kuwa tana riƙe da ƙwayayenta a baki, dunƙule guda, duk inda take. Idan hoto ya nuna gizo-gizo mai ƙafafun da suka ninka jikinsa sau da yawa, ga ƙwai a baki, to a kwantar da hankali, sauro da ƙuda yake ci.

Na biyu shi ne shimfiɗaɗɗen nan na jikin bango, wanda ake kira Selenops. Jikinsa a baje yake kamar an danne shi da faifai, ƙafafunsa sun bazu gefe da gefe irin na ƙaguwa, launinsa dabbare-dabbare kamar ƙasar bangon. Ba ya saƙa yana. Da dare yake fitowa ya lafe, in ka kai hannu ya zura cikin tsaga kafin ƙiftawar ido. Girmansa da saurinsa ke tsorata mutane, alhali ba ya cikin masu cutarwa.

Na uku shi ne ɗan ƙaramin nan mai tsalle, gajeren jiki, mai manyan idanu biyu a gaba kamar fitilun mota, wanda ke farautar ƙuda da rana a bakin taga. Shi ma ba ruwansa da kowa.

Akwai kuma wata halitta da ke ba mutanen Adar tsoro a lokacin zafi, mai launin rairayi, mai gashi, mai manyan muƙamuƙai, wadda ke shigowa a guje idan an kunna fitila. Masana na kiran ta Solifugae. A hoto za ka ga kamar ƙafafunta 10 ne, domin tana da wasu hannuwa biyu dogaye a gaba. Ita ba gizo-gizo ba ce, kuma ba ta da dafi. Iyakarta ta datse fata idan an kama ta da hannu, a wanke wurin da sabulu.

Biyun da ya kamata a sani

Cikin waɗanda likitoci ke ɗauka da muhimmanci a nahiyar Afirka, dangi biyu ne suka fi shafar mai zaman gida. Na farko shi ne Latrodectus, dangin da Turawa ke yi wa laƙabi da gwauruwa. Wadda ta fi yaɗuwa a ƙasashe masu zafi ita ce mai ruwan ƙasa, Latrodectus geometricus. Macen ce ke cizo. Jikinta, ban da ƙafafu, bai wuce santimita 1 ba, wato kamar ƙwayar wake. Cikinta zagaye ne, sumul, launinta kuwa yana kamawa daga ruwan toka mai haske har zuwa kusan baƙi, gaɓoɓin ƙafafunta kuma sun fi sauran ƙafar duhu.

Alamunta biyu ne da hoto ke iya kamawa. Ta farko tana ƙarƙashin ciki, wata shaida ce mai launin ruwan goro ko ja-ja, mai siffar kalangu, faɗi a sama, faɗi a ƙasa, tsuke a tsakiya. Da yake a rigingine take rataya a cikin yanarta, sau da yawa akan hango shaidar ba tare da an taɓa ta ba. Alama ta biyu ita ce jakar ƙwanta, wadda ta fi ita kanta saurin tona mata asiri. Jakar 'yar dunƙule ce fara-fara, kusan santimita 1, jikinta duk tsinaye kamar ƙarangiya, yayin da jakar sauran gizo-gizon gida sumul take ko kamar auduga. Yanarta ba ta da tsarin nan mai kyau irin na taya, a hargitse take, zaren kuma yana da ƙarfi. Takan saƙa ta ƙasa-ƙasa a wurin da ba a motsawa, kamar ƙarƙashin kujera da benci, gindin randa, tsohuwar taya, ƙasan amalanke da bayan ƙyauren makewayi.

Dafin wannan dangi jijiyoyi yake taɓawa. A 1993 wani likita a Afirka ta Kudu, Gerbus Müller, ya wallafa bayanin mutane 45 da dangin ya cije su, 30 baƙar ce ta cije su, 15 mai ruwan ƙasa. Ya nuna cewa cizon baƙar shi ke kawo ɗaurewar nama, taurin ciki da zufa mai yawa, na mai ruwan ƙasa kuwa galibi a wurin cizon yake tsayawa, da zafi da ja. Duk da haka ba a wasa da shi idan ƙaramin yaro ne ko tsoho.

Dangi na biyu shi ne Loxosceles, wanda dafinsa ke iya kashe fata har ta zama gyambo. Akwai shi a Arewacin Afirka, an kuma sami wasu nau'o'insa a Afirka ta Yamma da ta Kudu. Shi ba shi da ado ko kaɗan. Launinsa ruwan ƙasa ne bai ɗaya, ƙafafunsa sirara ba zane ba ƙayoyi, cikinsa ma launi ɗaya. A bayan kansa akan ga wani duhu mai siffar gurmi, ƙoƙon a wajen idanu, wuyan ya nufi baya. Babbar shaidarsa ita ce idanu. Mafi yawan gizo-gizo idanu 8 gare su, shi kuwa 6, an jera su bibbiyu a wuri uku, biyu a gaba, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓoye yake yi a ƙarƙashin duwatsu, bayan akwati da cikin tufafin da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma ba ya cizo sai an matse shi da jiki.

Yadda muka bi hotunan Ibohaman

To, da wannan ma'auni muka koma kan hoton da aka aiko. Takalmi ya riga ya farfasa cikin, saboda haka ba maganar neman kalangu. Amma abubuwa uku sun rage. Ƙafafun a baje suke gefe da gefe, suna da zane-zanen duhu da haske, kuma mai gidan ya tabbatar cewa a fili jikin bango aka gan shi da dare, ba a cikin yana ba. Zanen ƙafafu kaɗai ya isa ya fitar da Loxosceles daga zargi. Shimfiɗar jiki da rashin yana kuma sun fitar da gwauruwa, domin ita ba ta yawo a bango. Abin da ya rage shi ne shimfiɗaɗɗen nan na bango, wanda aka kashe ba da haƙƙinsa ba.

Mai karatu ya lura da yadda aikin ya tafi. Hoton bai ba mu cikakken sunan gizo-gizon ba, abin da ya yi shi ne ya nuna mana waɗanda ba su ba ne. A nan ne ƙarfin hoto yake.

Sai na roƙi mai gidan da ya kai yaron gidan likita, sa'annan ya ɗauki tocila ya duba ƙasan kayan gidan, kada ya sa hannu. Washegari ya aiko da hoto na uku. A ƙarƙashin wani benci da ke zaure, inda yara ke zama kullum, ga hargitsattsiyar yana da jakunkunan ƙwai biyu masu tsinaye. Ashe wadda ya kamata a yi hattara da ita tana nan zaune lafiya lau, ba wanda ya taɓa zarginta, ita ma ba ta taɓa kowa ba. Aka fitar da bencin waje, aka share yanar da tsintsiya mai dogon kara, aka murƙushe ƙwayayen.

Hannun yaron fa? Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi bai ga alamar cizo ba. Ya fi zargin hangara, ƙwaron nan da manoma suka sani yana cin bununin hatsi, wanda hasken fitila ke jawowa gida da dare. Idan mutum ya murje shi a jiki cikin barci, ruwan jikinsa yana tayar da bororo kamar ƙunar wuta, shi ya sa ƙurajen kan fito a jere, bin inda hannu ya shafa. Aka wanke wurin, aka rufe da bandeji mai tsabta, aka hana fasa ƙurajen, cikin kwanaki yaron ya warke. Shi kuwa gizo-gizo, abin da ke fita daga jikinsa ɗan farin ɗigo ne da akan gani a ƙasan yanarsa, kuma ba ya ƙona fata.

Inda hoto ya gaza

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kowane hoto haka yake warwaruwa cikin sauƙi. Akwai iyakoki da ya kamata a sani.

Iyaka ta farko, siffar gurmin nan tana yaudara. Wasu masu dogayen ƙafafu na kusurwar ɗaki su ma suna da duhu a bayan kai, wanda mai tsoro zai rantse gurmi ne. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙananan Loxosceles da wasu nau'o'insa shaidar tasu ba ta fita sosai. Idanu ne abin dogaro, to amma kan gizo-gizon bai fi ƙwayar dawa ba, kyamarar yawancin wayoyinmu ba ta iya ƙirga idanu a kansa. Ko an ƙirga 6 ɗin ma ba a gama ba, domin akwai wani ɗan gizo-gizon gida marar cutarwa, mai doro da ɗige-ɗige, wanda shi ma haka idanunsa suke.

Wani masani a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, Richard Vetter, ya gwada wannan. Ya yi shela cewa duk wanda ke zaton ya kama Loxosceles a Amurka ya aiko masa. A sakamakon da ya wallafa a 2005, an aiko masa da halittu 1,773, kuma mafi yawansu ba shi ba ne. Waɗannan fa mutane ne da suka riƙe abin a hannu, suka juya shi yadda suke so, ina ga mai kallon hoto guda ɗaya?

Iyaka ta biyu, launi ba shaida ba ne. Hasken filasha yana mai da ruwan ƙasa ya koma fari, duhun ɗaki yana mai da shi baƙi, sannan gizo-gizo ɗaya yana canja kama daga ƙuruciya zuwa girma. Hoton da aka ɗauka daga sama ba zai taɓa nuna kalangun da ke ƙarƙashin ciki ba, kuma akwai wasu masu zagayen ciki da hargitsattsiyar yana da suka yi kama da gwauruwa ƙwarai amma ba su da kalangun.

Iyaka ta uku, su kansu masanan ba da hoto suke tabbatar da nau'i ba. Sai sun sami baligin gizo-gizo, sun sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sun duba gaɓoɓin haihuwarsa. Hoto mai kyau yakan kai mutum ga dangi, da wuya ya wuce nan. Ga kuma wata matsalar, mafi yawan hotunan da matasanmu ke kwatantawa da su a intanet na Amurka ne da Turai da Ostareliya. Shahararren Loxosceles na Amurka da mugun gizo-gizon birnin Sidni ba mazauna Afirka ba ne, kamanni kawai ba ya kawo su Ibohaman.

Iyaka ta huɗu ita ce mafi girma. Hoton ƙurji ba ya nuna abin da ya kawo shi, kuma samun gizo-gizo a ɗaki ba hujja ba ce cewa shi ya yi cizo. A wani gida a jihar Kansas ta Amurka, an tattara Loxosceles 2,055 cikin wata 6 a shekarar 2001, amma ba ko mutum ɗaya da aka ciza a gidan. A Ostareliya kuma, Geoffrey Isbister da Michael Gray sun bi mutane 750 waɗanda aka ga gizo-gizo ya cije su ido da ido aka kuma kama shi. A rahotonsu na 2002, ba wanda cizon ya zame wa gyambo a cikinsu.

Abin da ake asara idan an yi kuskure

Illar ɗora wa tautau laifi ba ta tsaya ga kashe gizo-gizo ba. Illar ita ce a zauna gida ana shafe-shafe, ciwon gaskiya yana cin jiki. Maruru da ƙwayoyin cuta suka haddasa yana buƙatar a fitar da mugunya, wani lokaci da magani. Ƙuraje masu raɗaɗi da ke fitowa a ɓari ɗaya na jiki kamar ɗamara, musamman ga manya, sau da yawa tsohuwar ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka, kuma maganinta ya fi aiki a cikin kwana 3 na farko. Ƙurjin da ya yi wata da watanni bai warke ba yana iya zama na wani ɗan ƙaramin ƙuda da ke cizo da dare, ko na ciwon sukari.

A ƙasar kiwo irin tamu kuwa akwai wanda ya fi waɗannan gaggawa. Wanda ya feɗe dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko ya taɓa fatarta, bayan 'yan kwanaki ya ga ƙurji mai baƙin ɓawo a tsakiya, kewaye da kumburi, amma ba zafi, to ya yi zargin ciwon saifa na dabbobi. Wannan yana warkewa da magani idan an je da wuri, yana kuma iya kisa idan an tsaya neman tautau a bango.

Idan za ka ɗauki hoton

Idan aka ga gizo-gizo ya yi cizo, ko ana son a san wanda ke cikin gida, ga yadda hoton zai yi amfani. Kada a murƙushe shi. A kife masa kwalba ko kofin gilashi, a zura takarda mai kauri ta ƙasa, a juya a rufe. A fito da shi waje da rana, a inuwa, ba tare da filasha ba. A ajiye tsinken ashana ko dala ashirin a gefe domin a san girmansa. A ɗauki hoto uku, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa ta gindin kwalbar, ɗaya ta fuska. A ƙara da hoton yanar da jakar ƙwai in akwai, a kuma faɗi inda aka same shi, bango ne, rufi ne ko ƙasan kujera. Wajen aikawa ta WhatsApp a zaɓi Document, domin idan an tura shi a matsayin hoto manhajar tana rage masa kyau, ƙananan alamun su ɓace. In ya mutu, a jefa shi cikin alkol na likita a tafi da shi, kada a bar shi ya bushe ya ƙanƙance.

Shi kuwa wanda aka ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure hannu ko ƙafa da igiya. A garzaya asibiti ba tare da jiran amsar kowa ba idan zafin yana hawa zuwa ciki, baya ko ƙirji, idan ciki ya yi tauri, zufa ta karyo, numfashi ya yi wuya, ko amai ya zo. Haka nan idan bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya soma yin shuɗi ko baƙi, zazzaɓi ya shigo, ko fitsari ya yi duhu. Yaron da ya farka cikin dare yana kuka da zufa da dalalar yawu kuwa, a fara zargin kunama tun kafin gizo-gizo, kuma wannan ba ya jiran gari ya waye.

Bawan Allahn nan na Ibohaman ya sake kira na bayan mako biyu. Ya ce yanzu duk ranar Juma'a ana fitar da benci da kujeru a share ƙasansu, ana kuma kakkaɓe takalma da tufafi kafin a sa. Shimfiɗaɗɗun bangon kuwa ya hana yara kashe su, tun da ya gane kyankyaso da sauro suke rage masa. Allah ya kare mu da iyalanmu, amin.